Awa uku a Legas ba awa uku ba ce: ku daina yaudarar mutane da tikiti biyu

Rubutun wannan makon zai sosa wa wasu rai, musamman 'yan uwanmu masu sana'ar sayar da tikitin jirgi da ke tare da mu a nan. Sai dai ku yi haƙuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mun gaji da ganin saƙo iri ɗaya yana shigowa da tsakar dare: mutum yana tsaye a filin jirgin Legas da akwatunansa, an rufe kanta, jirgin ƙasar waje ya ɗaga, shi kuma yana tambayarmu wa zai kama. Amsar da muke ba shi ba ta da daɗi. Yawanci babu wanda zai kama. Kuɗinsa sun tafi, kuma tun ranar da ya biya su aka riga aka ɗana masa tarkon.

Tarkon kuwa jimla ɗaya ce da ake yawan faɗa wa matafiyi: "Kar ka damu Alhaji, tsakaninsu awa uku ne, ai ko awa ɗaya da rabi na'ura tana karɓa." Wannan maganar rabin gaskiya ce, kuma rabin da aka ɓoye shi ne mai cin kuɗi.

Gaskiya ne akwai wani lokaci da aka ƙayyade wa kowane filin jirgi, mafi ƙarancin mintunan da ake ganin za su ishi fasinja da kayansa su sauka daga jirgi ɗaya su shiga wani. A allon masu sayar da tikiti ana rubuta shi da haruffa uku, MCT. Ba lamba ɗaya ba ce ga duniya duka. Kowane fili da tasa, kuma a fili ɗaya ma ta kasu: daga jirgin cikin gida zuwa na cikin gida daban, daga na cikin gida zuwa na ƙasar waje daban, daga na waje zuwa na waje daban, in za a canza gini ma daban. Kamfani kuma yana iya shigar da tasa lambar ta musamman don jiragensa a filin da yake da ƙarfi. Shi ya sa filin Vienna ya yi suna da minti 25 kacal, alhali a Heathrow na Landan canza gini yana cin wajen awa ɗaya da rabi. Ejan ɗin da ke aiki da manhajar Amadeus, in yana son ganin na Legas, abin da zai buga ke nan:

```
DMLOS
```

To amma me wannan lambar take nufi? A nan ne ake yi wa mutane rufa-ido. Lambar nan alkawari ce tsakanin kamfanonin jirgi a kan fasinjan da suka sayar wa tikiti ɗaya tun daga gida har inda za shi. Ma'anarta ita ce: in tazarar ta kai haka, mun yarda mu sayar da tafiyar a haɗe, kuma in abin ya ɓaci mu za mu ɗauki nauyi. An yi lissafinta ne a kan mutumin da aka riga aka auna kayansa aka manna musu takarda har zangon ƙarshe, wanda katin shiga jirgi na biyu yana aljihunsa tun daga gida, wanda na'urar kamfanin ta san yana cikin jirgin farko kuma ta san jirgin ya makara. Irin wannan fasinjan, in jirginsa na farko ya yi latti ya rasa na biyu, teburin kamfani kawai zai nufa. Za su sa shi a jirgi na gaba ba tare da ya ƙara ko kwabo ba, sau da yawa har da abinci da ɗakin kwana. Ba kirki ne ya yi musu yawa ba. Yarjejeniyar da suka yi da shi ita ce su kai shi Landan ko Jidda ko Guangzhou, ba su ajiye shi a tsakiyar hanya ba.

Mai tikiti biyu fa? Shi yarjejeniya biyu ya ƙulla da mutum biyu da ba su san juna ba. Na farko ya ce zai kai shi Legas, kuma ko da ƙarfe ɗayan dare ya sauke shi, ya kai shi. Na biyu ya ce ya zo kanta kafin a rufe, bai zo ba. Na farko bai san da zaman na biyu ba, na biyu kuma babu ruwansa da dalilin lattin. Ko hazo ne, ko tayar jirgi ce ta fashe, ko rufe sama aka yi don wani babba zai wuce, duk ɗaya ne a wurinsa da wanda barci ya kwashe a Ikeja. Lambar MCT ba ta san da wannan mutumin ba sam. Duk wanda ya ɗauko ta ya auna masa tafiya da ita, mudun wata kasuwa ya ɗauko ya zo yana awo a tamu.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi minti-minti, don mun lura in ba a yi haka ba mutane ba sa yarda. A ce wata baiwar Allah za ta tashi daga Kano ta je wurin 'yarta da ta haihu a Ingila. An yanka mata tikitin gida daga filin Malam Aminu Kano, tashi ƙarfe 5:00 na yamma, sauka Legas 6:30. An yanka mata na waje daban, tashi 9:30 na dare. A takarda awa uku cif. Duk wanda ya gani zai ce har ma ta samu lokacin sallah da cin abinci.

Abu na farko, 9:30 ba lokacinta ba ne. Lokacinta shi ne sa'ar da ake rufe kantar awon kaya, kuma a jiragen ƙasar waje yawanci awa ɗaya ne kafin tashi, wasu kamfanonin ma sun fi haka tsanani. Ke nan 8:30. Awa uku ta koma awa biyu tun ba ta bar Kano ba. Kada wani ya ce ai ta yi rajistar shiga ta waya. Mai akwati biyu, mai fasfon da dole a duba bizarsa ido da ido, sai ta tsaya a kantar nan ko ta yi rajista ko ba ta yi ba.

Na biyu, 6:30 lokacin da jirgi zai tsaya ne, ba lokacin da za ta taka waje ba. A kawo matakala, a buɗe ƙofa, na gaba su sauko, a shiga bas ko a taka zuwa cikin gini, mu ba shi minti 15. Jiran kaya, in an yi sa'a, minti 25 zuwa 30, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban bel ɗin nan yana kallon akwatunan wasu suna zagayawa ya san mun yi sassauci. Yanzu ƙarfe 7:15.

Na uku shi ne wanda baƙon Legas ba ya sani sai ya gani. Sunan filin ɗaya ne, Murtala Muhammed, haruffansa a tikiti ma ɗaya ne, LOS, amma ɓangaren cikin gida da na ƙasar waje ba gini ɗaya ba ne, ba kuma tafiyar ƙafa ba ce. Jiragen gida suna sauka a MMA2 ko a tsohon ginin da ake kira GAT, na waje kuma yana can wani gefen filin, sai an fito titi an shiga mota an bi hanyar da kowa yake bi. Ta samu mai tura kaya, ta yi cinikin tasi, a loda, minti 10. Hanyar kanta in babu cunkoso ba ta da nisa, kwata ɗin awa ya isa. Amma ƙarfe bakwai da rabi na yamma a Ikeja, ranar aiki, balle a ce an yi ruwa, wa zai rantse? Mu sa minti 30. Ƙarfe 7:55. A bakin ginin waje akwai layin shiga, a saka kaya a na'ura, a nemo kantar kamfani, a bi layin masu duba fasfo da biza kafin a kai ga ma'auni. Dare kuwa shi ne lokacin da jiragen Turai suke tashi kusa da juna, zauren a cike yake. Minti 15 zuwa 20. Ƙarfe 8:15.

Kun ga abin da ya rage daga awa ukun? Minti 15. Wannan fa idan jirgin Kano ya tashi ƙarfe biyar daidai, bai ƙara ko minti ɗaya ba. Yanzu muna tambayar duk wanda ke cikin zauren nan, tsakaninsa da Allah: sau nawa ka hau jirgin yamma na cikin gida ya tashi a kan minti? Lattin rabin awa, wanda a ƙasar nan ko sanarwa ba a cika yi a kansa ba, ya isa ya cinye tikitin Ingila sukutum.

Kuma jirgin yamma ya fi kowane haɗari, don dalili mai sauƙi. Jirgin da zai ɗauke ka ƙarfe biyar ba a Kano ya kwana yana jiranka ba. Tun asuba yake yawo, wataƙila ya je Abuja ya koma Legas ya leƙa Fatakwal kafin ya iso gare ka. Duk minti goman da ya rasa a wani gari yana tafe da shi a wuya, ga shi kamfanoninmu jiragensu kaɗan ne, in ɗaya ya samu matsala ba lallai a samu na maye gurbinsa ba. Sai kuma hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai ranakun da ƙura take rufe Kano har matuƙi ba zai iya sauka ba, jirgin da kake jira ya juya ko ma bai taso ba. Wanda ya yanka wa mutum tikiti biyu da tazarar awa uku a watan Janairu, bai ce masa komai a kan hazo ba, wallahi bai yi masa adalci ba.

Mu koma kan Hajiyarmu. Jirgi ya tashi 5:50 maimakon 5:00, ta iso kanta 9:05. Jirgin Ingila yana nan a ƙasa, tana iya hango shi ta gilashi. Wannan ne ya fi ci wa mutane rai, suna ta roƙo, "ga shi can bai tashi ba, ku taimaka." Amma an rufe lissafin fasinja da nauyin kaya, an miƙa, na'ura ta rubuta mata NO SHOW. Daga nan abin da zai biyo baya ya danganta da irin tikitin da aka saya mata, kuma tunda araha aka bi tun farko, kusan kullum mafi tsananin sharaɗi ne. Wani tikitin akwai tarar rashin zuwa, ga kuɗin canji, ga cikon bambancin farashi tsakanin kujerar da ta saya wata biyu da suka wuce da wadda ta rage a jirgin gobe. Wani kuma ya ƙone ƙurmus, sai ɗan harajin da za a iya nema a mayar.

Akwai kuma wanda ya fi wannan ciwo, mutane da yawa ba sa saninsa sai ranar dawowa. Kamfanonin jirgi suna sharɗanta a yi amfani da tikiti bi da bi, zango na ɗaya kafin na biyu. In ka rasa na tafiya, na'ura tana soke duk abin da ya rage a tikitin, har da na dawowa. Mun ga wanda ya rasa jirginsa, ya ciji yatsa ya sayi na tafiya kawai a wani kamfani, yana cewa ai na dawowa yana nan. Bayan wata guda ya je fili a can ƙasar mutane aka ce masa babu sunansa. Asara biyu a tafiya ɗaya. Don haka duk wanda ya ga alamar ba zai kai ba, tun yana zaune a Kano yana kallon agogo ya kira kamfanin waje ko ejan ɗinsa a cire shi daga jirgin daren kafin a rufe. Canji kafin lokaci da canji bayan an rubuta maka rashin zuwa ba kuɗinsu ɗaya ba, wani lokaci ma shi ne bambancin tikiti mai rai da matacce.

Wani zai ce to ai sai a kama kamfanin gida, su suka jawo. Je ka kama su mu gani. Hukumar NCAA tana da ƙa'idojin kare fasinja, Sashe na 19, kuma suna da amfani: in an yi latti mai tsawo akwai abin sha da abin taɓawa, in ya wuce wasu awanni kana iya neman a mayar maka da kuɗinka, in dare ya yi akwai batun masauki. Ku nemi haƙƙinku, ba mu hana ba. Amma ku lura da kuɗin da ake magana a kai: kuɗin tikitinsu ne, na Kano zuwa Legas. Tikitin Landan da ya ninka shi sau goma ko fiye ba ya cikin lissafin. In kana son wannan sai dai ka ɗauki lauya ka shiga kotu ka yi ta jira, jikar da aka haifa kuwa har ta fara rarrafe. Haka abin yake ko a Turai da ake ganin dokarsu ta fi ƙarfi. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004 tana ba da diyya har Yuro 600 a doguwar tafiya in mutum ya isa zangonsa na ƙarshe da lattin awa uku ko fiye, amma zangon ƙarshen da take kallo shi ne na tafiyar da aka saya a haɗe. Mai tikiti biyu, in jirgin farko ya makara da awa ɗaya ya jawo masa asarar na biyu, a idon dokar lattin awa ɗaya kawai aka yi masa, ba shi da komai.

Yanzu ga inda muke da magana da masu sayar da tikiti. Ba mu ce sayar da tikiti biyu laifi ba ne. Laifin shi ne ɓoyewa. Abin da wasu suke yi, su sayi na gida a shafin kamfani, su yanka na waje a na'urarsu, sannan su kwafe duka biyun su jera a takarda ɗaya mai tambarin ofishinsu, Kano, Legas, Landan, layi bayan layi, su tura wa mutum ta WhatsApp. Dattijon da bai taɓa fita ba ya duba ya ga tafiya ɗaya. Har ya tambaya, "Kayana fa, a can zan karɓa?" a ce masa "in sha Allahu babu matsala." Wannan ba amsa ba ce. Ka san a Legas zai karɓi kayansa ya fita titi da su, ka san in ya makara babu mai sauya masa jirgi, ka kuma san ba ka gaya masa ba ne don kada ya je wurin maƙwabcinka da ya faɗi farashi mafi tsada na tikiti ɗaya. Ribarka ta tabbata tun da rana, kasadar kuma ka ɗora wa wanda bai san ya ɗauka ba. Masu gaskiya a cikinku, kuma suna da yawa, su ne suke rasa ciniki saboda irin wannan.

Mu matafiya ma ba mu fita ba. Mu ne muke zagaya ofis huɗu muna neman wanda zai rage dubu talatin, in wani ya ce mana "wannan tazarar ta yi kaɗan, ka tafi da safe," mu ce yana son ya ƙara mana kashe kuɗi ne. Masu saye da kansu a waya kuma, shafukan kwatanta farashi suna jero mafi araha a sama, a ƙasansa da ƙananan haruffa an rubuta Self-transfer, wato kai za ka yi wa kanka canjin jirgi. Ba ma karantawa, farashin kawai muke gani. Wasu shafukan suna sayar da nasu garantin a kai, amma ku sani alkawarin shafin ne ba na kamfanin jirgi ba, kuma a kanta babu wanda zai saurare shi. Sai ka kira su, ka jira, su zaɓa maka abin da sharuɗɗansu suka yarda. Araha dai ba ta ado.

Yaya mutum zai gane abin da ke hannunsa? Kada ka tsaya a kan takardar ejan, kada ma ka tsaya a kan lambar nan mai haruffa shida da ake kira Booking reference, don ana iya zuba tikiti biyu a ƙarƙashin lamba ɗaya. Nemi inda aka rubuta Ticket number. Lamba ce mai alƙaluma 13, ukun farko na kamfanin da ya yanka ne: 071 na Ethiopian, 077 na EgyptAir, 235 na Turkish, 157 na Qatar, 125 na British Airways, 065 na Saudia. In duk zangunan tafiyarka suna ƙarƙashin lamba ɗaya, tikiti ɗaya gare ka, ko da jiragen na kamfani biyu ne. In zangunan sun wuce huɗu za ka iya ganin lamba biyu masu bin juna, ta biyu ta ɗara ta farko da ɗaya, wannan duk tikiti ɗaya ne aka ci gaba da shi. Amma in ka ga lambobi biyu da ba su haɗa komai ba, ko ka ga zangon Kano zuwa Legas yana da tasa lambar daban, to biyu ne, ko me aka gaya maka. Sannan ka yi wa mai sayarwa tambaya ɗaya a rubuce, ya amsa a rubuce: in jirgin farko ya makara na rasa na biyu, wa zai biya? Yadda zai yi ta kwana-kwana kafin ya amsa ma ya ishe ka.

Abin ya fi muni in wurin canjin a ƙasar waje yake, don a nan ba lokaci kaɗai ne matsala ba. Mai tikiti ɗaya da ya yada zango a Alƙahira ko Istanbul yana zaune ne a cikin fili, bai shiga ƙasar ba, kayansa suna wucewa ta ƙasa ba tare da ya gan su ba. Mai tikiti biyu kuwa kayansa za su fito a bel, bel ɗin kuma yana bayan teburin jami'an shige da fice. Kafin ya taɓa akwatinsa sai an buga masa hatimin shiga ƙasar, wato sai da biza. Da koren fasfonmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun a gida ma za a iya tsayar da shi, don kamfanin farko abin da ya gani a tikitinsa shi ne tafiyar ta ƙare a Istanbul, zai nemi bizar Turkiyya, in babu ba zai ɗauke shi ba, ko ya nuna musu tikiti na biyu suna da damar su ƙi. Ga kuma garuruwa masu fili fiye da ɗaya. A Istanbul akwai IST a ɓangaren Turai, akwai SAW a ɓangaren Asiya, tsakaninsu tafiyar fiye da awa ɗaya ce a mota. Sunan gari ɗaya, a allon waya kamar wuri ɗaya.

Mun san abin da za a ce mana a ƙasan wannan rubutu, kuma akwai gaskiya a ciki. Za a ce yawancin kamfanonin gida ba su da yarjejeniyar haɗa tikiti da na waje, don haka mutumin Sakkwato ko Yola ko Maiduguri da zai tashi ta Legas ko Abuja ba shi da zaɓi, dole biyu zai saya. Haka ne. Za a kuma ce wani lokaci bambancin kuɗin yana da yawa ƙwarai, ba kowa ne zai iya ba. Wannan ma haka ne. Amma dole ta sa ka sayi tikiti biyu, ba ita ta sa ka bar awa uku a tsakani ba. Wannan kai ka zaɓa, ko aka zaɓa maka.

Mu a nan matsayarmu ba ta canzawa. In akwai hanyar tikiti ɗaya, a fara duba ta, a kwatanta da gaskiya. Mutumin Kano yana da jiragen waje da ke sauka a gida, irin su Ethiopian da EgyptAir, waɗanda za su ɗauke shi daga Malam Aminu Kano su haɗa shi da wani jirgin a Addis Ababa ko Alƙahira a tikiti ɗaya. In ka ga ta Legas ta fi araha, kafin ka yi murna ka tara da kuɗin tikitin gida, da tasi, da kuɗin ƙarin kaya, tunda na waje yakan ba ka akwati biyu masu kilo 23 kowanne, na gida kuma abin da zai ɗaukar maka kyauta yawanci bai wuce rabin haka ba. Sau da yawa in an gama tarawa ragin ya zama ɗan kaɗan, kuma a kan ɗan kaɗan ɗin nan ne kake jingina tikitin miliyoyi.

In kuma biyun ya zama dole, to ka manta da tambayar "awa nawa ya isa in canza jirgi." Tambayar da ta dace ita ce: in jirgina na farko bai tashi ba sam, akwai wani bayansa da zai kai ni kafin a rufe kanta? In amsar a'a ce, tazararka ba ta isa ba ko awa biyar ce. Ga jirgin dare daga Legas, wannan yana nufin jirgin farko na safe daga gida, ta yadda in ya lalace akwai na rana, akwai na wani kamfanin da za ka saya da gaggawa. Eh, za ka yini a Legas kana hamma. A lokacin hazo kuwa, ko lokacin da jirage suke cika maƙil kamar ƙarshen Disamba da daf da Sallah, ko in garinku jirgi ɗaya ne yake zuwa a rana, ko in tafiyar tana da ranar da ba ta ɗaguwa kamar ganin likita ko rajistar makaranta, ka tafi ana gobe ka kwana. Kuɗin ɗaki na dare ɗaya a Ikeja ko gidan ɗan uwa a Agege, ka auna shi da farashin sabon tikitin da ake saye a kanta ranar tafiya.

A dawowa lissafin yana juyawa, kuma nan ne kaɗai muke sassautawa. In jirgin waje ya makara ka rasa na gida, ƙaramin tikitin ne ya ƙone ba babban ba, kuma kana ƙasarku. Duk da haka ka tuna za ka bi layin shige da fice, ka jira kaya, ka wuce kwastan, ka sake bin titin nan zuwa ɓangaren gida, don haka ka ba shi awa huɗu ko biyar, ka kuma sayi na gidan irin wanda ake iya ɗagawa.

Ga masu sayar da tikiti na zauren nan, abin da muke nema bai fi layi biyu ba. Duk wanda kuka yanka wa tikiti biyu, ku rubuta masa a saman takardar da Hausa: wannan tikiti biyu ne, za ka karɓi kayanka a Legas ka kai su da kanka, in na farko ya makara babu mai biyan na biyu. In ya karanta ya ce ya ji ya gani, shi ke nan, kun fita. Wanda yake yin haka ya faɗa a ƙasa mu san shi. Wanda kuma yake da tafiya a makonnin nan kuma bai tabbata abin da ke hannunsa ba, ya rubuto mana lokacin sauka da na tashi da sunan filin kawai, kada ya saka hoton tikiti ko lambarsa a fili, za mu yi lissafin tare da shi.